Yadda ake gane tsadar taki da iri ta abin da ke cikinsu da amfanin da suke bayarwa

Buhu biyu na takin zamani suna iya zama kilo 50 kowanne, a rumfa ɗaya a kasuwar Dole ta Damagaram, amma sinadarin da gonarka ta fi nema, wanda ke cikin ɗaya ya ninka na ɗayan fiye da sau huɗu. Wanda ya tsaya ga tambayar "nawa buhu?" sau da yawa mai tsadar yake ɗauka yana ganin ya yi arha. Lissafin da ke ƙasa na gonar hatsi ne a jigawa, irin gonakinmu na Mirriya, Matamaye da Magarya. Duk farashin da na sa misali ne domin koyo, kai kuma sai ka sa na ranar da ka shiga kasuwa.

Kayan aiki

Kana bukatar littafi da biro, da kalkuletar da ke cikin salula. Kana bukatar sikeli mai rataya wanda zai ɗauki kilo 50. In babu, ka kai buhun wurin masu awon wake ko gyaɗa. Sai igiya mai tsawon mita 10, da kofin gilashi da ruwa mai tsabta, da tsumma da faranti domin gwada iri. Ƙaramin sikeli mai nuna giram yana da amfani ƙwarai, ko da aro ne na yini ɗaya.

Ka rubuta duk kuɗi da sefa. A kasuwa ana magana da dala da jika, wani kuma ya faɗa maka da naira in kayan daga Najeriya suka shigo. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1,000. Naira kuwa ka juya ta da canjin ranar kafin ka fara raba komai, domin cakuɗa kuɗi iri biyu a shafi ɗaya yana ɓata lissafin gaba ɗaya.

1. Karanta lambobi ukun da ke jikin buhu

Kowane buhu na gaskiya yana ɗauke da lambobi uku a jere, kuma jerin ba ya canzawa. Ta farko N ce, abincin ganye da tsayi. Ta biyu P ce, mai kafa saiwa da sa shuka ta tashi da wuri. Ta uku K ce, mai ƙarfafa kara da cika ƙwaya. Kowace lamba tana nufin kilo nawa ke cikin kilo 100 na takin. Tun da buhu kilo 50 ne, sai ka raba lambar biyu.

NPK 15-15-15 yana da kilo 7.5 na kowanne a buhu. DAP, mai lamba 18-46-0, yana da kilo 9 na N da kilo 23 na P, babu K. Yuriya, 46-0-0, tana da kilo 23 na N kaɗai. NPK 20-10-10 kuwa yana da kilo 10 na N, kilo 5 na P, kilo 5 na K. Sauran nauyin buhun abin da ya riƙe sinadarin ne da ciko.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ganin kalmar NPK kawai a ɗauka duk ɗaya ne. 20-10-10 da 15-15-15 suna ɗaya suke amsawa, amma P ɗin na farko kashi biyu cikin uku ne na na biyu. Buhun da babu lamba a jikinsa, ko aka sake ɗinke bakinsa da hannu, ba ya shiga wannan lissafi, domin ba ka san abin da za ka raba kuɗin da shi ba.

2. Gano ainihin kuɗin kilo ɗaya a bakin gonarka

Ka rataya buhun a sikeli. Idan an tsiyaye shi ya koma kilo 46, da 46 za ka yi lissafi. Ka haɗa kuɗin buhu da na mota, da na ɗan dako, da na amalanke har gona. In bashi ne, abin da za ka biya a kaka shi ne farashin, kuma in da hatsi za ka biya, ka juya yawan tiyoyin zuwa kuɗi.

Mai sayen taki a tiya ya yi hattara. Tiya awon cika ce, kuma yuriya ta fi NPK rashin nauyi, saboda haka tiyar yuriya da tiyar NPK ba kilo ɗaya suke ba. Ka auna tiyar mai sayarwa sau ɗaya a sikeli. A ce ta ba da kilo 2.5 a kan sefa 1,200. Kilo ya zama 480, buhu ya kama 24,000 ke nan, ko da a rumfar kusa ana sayar da cikakken buhu 20,000. In kuɗinka bai kai buhu ba, ku haɗu ku uku ko huɗu ku saya ku raba a sikeli.

Kafin ka biya, ka gwada ingancin kayan. Zuba cokali ɗaya na yuriya a kofin ruwa ka motsa: ta gaskiya tana narkewa tas kuma ruwan ya yi sanyi a hannu. In yashi ya kwanta a ƙasan kofin, an yi mata algus. NPK da DAP suna barin ɗan laka, wannan ba laifi ba ne, amma ba sa barin tsakuwa. Buhun da ya jiƙe ya dunƙule ya sha ruwa, kuma kana biyan kuɗin ruwan a cikin nauyi.

3. Raba kuɗin da sinadarin da gonarka ke nema

A ce, bayan an haɗa dako, farashi ya tsaya haka: 15-15-15 sefa 20,000, DAP 28,000, yuriya 18,000, 20-10-10 kuma 17,000. A ido, 20-10-10 ne mai arha, DAP ne mai tsada.

Wasu suna haɗa lambobin uku su raba kuɗin da jimilla. Da wannan hanya 15-15-15 yana da kilo 22.5 na abinci, kilo ya kama 889. DAP yana da kilo 32, kilo ya kama 875. 20-10-10 yana da kilo 20, kilo ya kama 850. Sai ka ga kamar kusan duk ɗaya ne. Wannan lissafi yana yaudara, domin yana ɗauka gona tana jin yunwar ukun daidai wa daida. A jigawar Nijar, abin da ya fi ƙaranci ga hatsi shi ne P, sannan N ya biyo baya. In P bai isa ba, saiwa ba ta bazuwa, kuma yuriyar da ka zuba ba ta yin aikin da ya kamata. Saboda haka P za ka fara sa wa farashi.

```
kuɗin kilo na P = kuɗin buhu ÷ kilon P da ke cikin buhu
```

DAP: 28,000 a raba da 23, ya ba da 1,217. 15-15-15: 20,000 a raba da 7.5, ya ba da 2,667. 20-10-10: 17,000 a raba da 5, ya ba da 3,400, in kuma buhun kilo 46 ne sai ya haura 3,690. Buhun da ya fi arha a rumfa shi ne ya fi tsada wajen abin da gonar ke nema, kusan ninki uku na DAP.

N kuwa da yuriya ake auna shi: 18,000 a raba da 23, kilo ya kama 783. Ka riƙe wannan lamba domin tana taimaka maka da takin ruwa na kwalba da ake talla. Kwalbar lita ɗaya mai N kashi 10 cikin ɗari ba ta wuce giram 100 da ƴan kai na N ba, abin da yuriya ta ƙasa da sefa 100 za ta ba ka. Irin wannan kwalba tana iya amfani wajen gyara ƙarancin wasu ƙananan sinadarai a lambu, amma ba ta ciyar da gonar hatsi.

4. Mayar da lissafin kan gona

Yanzu a kwatanta abin da kowane taki zai ci domin kai adadin P iri ɗaya cikin hekta, wato fili mai mita 100 tsawo da mita 100 faɗi. Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin manomi ita ce sa taki kaɗan a kowane rami lokacin shuka, wadda masu bincike na cibiyoyin binciken noma ICRISAT da INRAN suka gwada a Nijar: giram 6 na 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a rami. In tazara mita ɗaya ce kowane gefe, hekta tana da rami 10,000.

Da 15-15-15, kilo 60 ke nan a hekta. Yana kai kilo 9 na N, 9 na P, 9 na K, kuma a sefa 400 kilo ya ci 24,000.

Da DAP, kilo 20 ne. Yana kai kilo 9.2 na P da 3.6 na N, a sefa 560 kilo ya ci 11,200. Adalci shi ne a cika masa N ɗin da ya rage, kilo 5.4. Wannan yuriya ce kusan kilo 12, a sefa 360 kilo, 4,320. Jimilla 15,520. Rarar da ke tsakanin hanyoyin biyu, sefa 8,480, ita ce kuɗin da kake biya domin kilo 9 na K. Raba N ɗin ma yana da nasa alfanu: yuriya ana sa ta bayan firi, lokacin da hatsi ya fara fid da ƴaƴa a gindi kuma ƙasa tana da laima, ka ga in damina ta yi gardama tun farko ba ka riga ka binne kuɗin ba.

Da 20-10-10, sai ka zuba kilo 90 kafin ka kai kilo 9 na P. A sefa 340 kilo, 30,600 ke nan, kuma giram 9 a rami ɗaya tare da iri yana iya ƙona tsiro in ruwa ya ɗauke bayan shuka.

Ka ƙirga raminka da kanka. Miƙa igiya mita 10 ta kowane gefe a wurare uku na gonar ka ƙidaya ramukan, ka raba jimillar uku, ka ninka da 100. Gonaki da yawa ba sa kai 10,000, musamman inda aka haɗa hatsi da wake. In 6,000 ka samu, DAP kilo 12 ya ishe ka. Ma'aunin hannu ma ka gwada shi: ɗebi tsunkule 50 da yatsu uku ka auna, in ya yi giram 100 to hannunka yana ba da giram 2. In ya yi 200, kana ninka kuɗin takinka ba ka sani ba. Kada taki ya taɓa iri kai tsaye, kuma kada a sa shi a busasshiyar shuka ta binne.

Game da K: gonar da ke samun takin dabbobi, ko ake barin kara a cikinta, tana mayar da mafi yawan K ɗinta. Wadda ake kwashe karanta kaf kowace shekara tana raguwa a hankali. Lambu kuwa, na tumatir, albasa, dankali ko rake, yana cin K da yawa, kuma can 15-15-15 yana iya cancantar kuɗinsa. In DAP bai samu ba a shekarar, 15-15-15 ne na biyu. In sufa ka samu, mai P kusan kashi 18 cikin ɗari, ka yi masa lissafi iri ɗaya, shi ya fi dacewa da gyaɗa da wake waɗanda ba sa bukatar N mai yawa.

5. Sa wa iri farashi da ƙwayar da za ta tsira

Ɗebi iri daga tsakiyar buhu da ƙasansa, ka auna giram 100, ka tsince tsakuwa, ƙaiƙayi, fasassun ƙwaya da waɗanda ƙwari suka huda. Abin da ya rage shi ne tsabtarsa. Daga cikin masu kyau ƙirga 100 ba tare da zaɓe ba, ka jera a jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa safe da yamma. Kada ruwa ya kwanta a farantin, iri zai ruɓe ka zarge shi a banza. Bayan kwana 7 ka ƙirga waɗanda suka fid da saiwa da tsiro lafiyayye. Ka yi gwajin tun watan Mayu, kafin ruwan shuka. In mai sayarwa ya ƙi ba ka ɗan abin gwaji, sayi rabin kilo tukuna.

A ce hatsin kasuwa sefa 400 kilo, tsabtarsa kashi 90, tsirarsa kashi 60. Ninka 0.9 da 0.6, ya ba da 0.54, wato ɗan fiye da rabi ne iri mai rai. Kilon mai rai ya kama 741. Ingantaccen iri sefa 1,000 kilo, tsabta 98, tsira 90, ya ba da 0.88, kilon mai rai ya kama kusan 1,135. Har yanzu ya fi tsada, amma tazarar ta ragu ƙwarai. In kana shuka kilo 10 na na kasuwa a hekta, sefa 4,000, to kilo 6.1 na ingantaccen zai ba ka yawan tsiro iri ɗaya a kan 6,100. Bambancin sefa 2,100 ne. In hatsi yana sefa 250 kilo a kaka, ƙarin kilo 8 da ɗan kai, kusan tiya uku da rabi a hekta guda, ya biya shi. Ga hatsi, kuɗin iri ƙarami ne a kan kuɗin taki, saboda haka a ganina ba wurin yin tsimi ba ne. Irin da bai tsira ba yana jawo sake shuka, da kuɗin ƴan ƙwadago, da asarar kwanakin damina, da takin da aka riga aka sa a ramin da ya mutu.

Ga gyaɗa lamarin ya bambanta, domin hekta tana cin iri ninkin na hatsi sau da yawa, kuma gyaɗar da aka ɓare aka ajiye cikin zafi tana rasa tsira da sauri. Can gwajin tsumma yana iya cece ka daga asarar jikkuna masu yawa.

Sunan iri ma yana cikin farashinsa. Cikin irin hatsi, HKP yana nuna cikin kwana 80 zuwa 90, SOSAT-C88 yana da gajeren kai mai cika, Chakti kuwa ya fi su saurin nuna, kuma in kai kaɗai ka shuka shi a yankin tsuntsaye za su taru a kansa. Manomin wajen Tanut, inda damina gajeruwa ce, da na wajen Magarya ba iri ɗaya ne ke biya musu ba. Ka nemi mai takardar shaida a jikin leda, da sunan iri da shekarar da aka noma shi. Hatsi yana barbara da na maƙwabta ta iska, saboda haka bayan kamar shekara uku ingantaccen iri ya gauraye, sai a sabunta. Ka raba kuɗinsa a kan waɗannan shekaru.

6. Bari gonarka ta yanke hukunci

Lissafin rumfa yana gaya maka abin da ka saya. Abin da zai dawo kuwa sai an auna a gona. Ware fili uku a jere, kowanne mita 10 da mita 10, rami 100, a wuri mai ƙasa iri ɗaya, nesa da gindin gawo, tsohon makwancin shanu da bakin hanya. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Na farko babu taki. Na biyu DAP giram 200, da yuriya giram 120 bayan firi. Na uku 15-15-15 giram 600. Kafa turaku, domin bayan wata biyu ba za ka gane iyaka ba.

A kaka ka yanke kowanne dabam, ka busar, a sussuka, ka auna tsabar a sikeli, ka ninka da 100. Kada ka ƙirga da dami. Girman dami ya danganta da hannun mai ɗauri, kuma iri mai dogon kai yana cika ido alhali mai gajeren kai yana iya fin sa tsaba.

A ce ka samu kilo 4, da 6.5, da 7. A hekta, 400 ke nan, da 650, da 700. DAP da yuriya sun ƙara kilo 250. A sefa 250 ya zama 62,500, a raba da 15,520, kowace sefa ta dawo da 4. 15-15-15 ya ƙara kilo 300, 75,000, a raba da 24,000, ta dawo da 3.1. Malaman gona sun saba ɗaukar ninki 2 a matsayin mafi ƙarancin abin da ya kamata taki ya mayar a noman damina, saboda kasadar fari. Duka biyun sun wuce. Amma dubi ƙarin da 15-15-15 ya yi a kan DAP: kilo 50, sefa 12,500, a kan ƙarin kuɗi 8,480. Ninki ɗaya da rabi ne kawai. Mai sefa 24,000 a hannu, in ya sa su a DAP da yuriya, zai rufe hekta ɗaya da rabi ya samu ƙarin kusan kilo 385, maimakon 300 a hekta ɗaya.

Ka yi amfani da farashin kaka, lokacin da hatsi ya faɗi, sai fa in ka tabbata za ka iya riƙe shi a rumbu har bazara. Sannan ka sake lissafin da rabin ƙarin, kamar shekarar da ruwa ya yi tsaiko. DAP zai ba da 31,250, ninki 2, yana nan a kan iyaka. 15-15-15 zai ba da 37,500, ninki 1.6, ya faɗi ƙasa da ita. Wanda zai ci bashin taki, wannan lissafi na biyu shi ya kamata ya duba kafin ya sa hannu.

In filin da aka sa wa taki bai fi na banza ba, kada ka yi saurin cewa takin jabu ne. Duba ko ƙuduji ya cika wurin, ko ramuka sun mutu tun farko saboda taki ya taɓa iri, ko an makara da noman fari, ko ƙasar ta gaji har ba ta riƙe ruwa, wadda sai an fara ba ta takin gargajiya. Ƙirga ramukan da suka rayu a kowane fili ka rubuta kusa da nauyin tsabar. Sakamakon damina ɗaya yana iya zama na ruwan shekarar ne kawai, saboda haka ka maimaita gwajin a damina ta biyu a wani gefen gonar, kuma in kana son gwada iri biyu, ka ƙara fili uku na irin na biyu kusa da na farko da awon taki iri ɗaya.